Matatan FIR Masu Jinkiri Bai Ɗaya: Nau'i Huɗu da Wuraren da Suke Toshewa Dole

Matacin FIR ɗan lissafi ne da na'ura take maimaitawa a kan jerin lambobi domin ta bar wani sashe na sigina ya wuce, ta rage wani. Siginar tana iya zama muryar mai magana a waya, ko bugun zuciya da aka ɗauka a asibiti, ko girgizar inji. Na'urar ba ta riƙe siginar gaba ɗaya a matsayin abu mai gudana. Aunawa take yi sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kowane awo kuma ya zama lamba guda da ake kira samfuri. Layin tarho na gargajiya yana ɗaukar samfuri 8000 a daƙiƙa, faifan CD kuwa 44100.

Aikin matacin ba shi da wuyar fahimta. Yana da nasa jerin lambobi da ba sa canzawa, waɗanda ake kira lambobin nauyi, kuma ana rubuta su `h[0]`, `h[1]`, har zuwa `h[N-1]`, inda `N` yake nufin yawansu. Duk lokacin da sabon samfuri ya shigo, sai matacin ya ninka shi da lamba ta farko, ya ninka wanda ya gabace shi da ta biyu, haka har ƙarshen jerin, sannan ya tara sakamakon ya fitar da lamba ɗaya. Mataci mai lambobi `[1, 2, 1]` da aka ba samfuri 4, 6 da 10 zai fitar da 4 da 12 da 10 a haɗe, wato 26. Tun da abin da ya riga ya fita ba ya komawa cikin lissafin, tasirin kowane samfuri yana ƙarewa bayan matakai `N`. Nan ne FIR ya bambanta da ɗan'uwansa IIR, wanda yake mayar da abin da ya fitar cikin lissafi.

Mita da iyakokinta biyu

Kowace sigina haɗin kaɗawa ce iri-iri, wasu masu nawa, wasu masu sauri. Yawan zagayen da kaɗawa take yi a daƙiƙa shi ne mitarta, kuma ana auna ta da haz, wadda masu sauraron rediyo suka sani a cikin kilohaz da megahaz. Wutar lantarkin Nijeriya da ta Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ita ce tushen gurnanin nan da ake ji a lasifika idan wayoyinta ba su haɗu da kyau ba.

A duniyar samfuri, mita tana da iyaka biyu. Ta ƙasa ita ce sifili: siginar da ba ta motsi sam, kamar 1, 1, 1, 1. Ta sama ita ce rabin yawan samfurin da ake ɗauka a daƙiƙa, wadda ake kira mitar Nyquist, da sunan Harry Nyquist, injiniyan sadarwa da ya yi aiki a Amurka. A layin tarho mai samfuri 8000, wannan iyaka ita ce haz 4000. Sigina a wannan mita tana juya alama a kowane mataki: 1, -1, 1, -1. Babu kaɗawar da ta fi wannan sauri da jerin samfuri zai iya nunawa. Waɗannan jerin biyu, mai tsayuwa da mai juyawa, su ne ma'aunin da za a gwada kowane nau'i da shi.

Abin da jinkiri bai ɗaya yake nufi

Kowane mataci yana jinkirta abin da ya ratsa shi. Tambayar ita ce ko duk mitoci suna samun jinkiri iri ɗaya. Ayarin da aka tsare a kan hanya na awa guda zai iso a makare, amma a jerinsa, na gaba yana gaba, na baya yana baya. In kuwa aka tsare wasu raƙuma awa ɗaya, wasu awa uku, duk za su iso, sai dai jerin ya wargaje. Haka siffar sigina take. Idan ƙananan mitoci suka makara fiye da manya, ƙarfin kowace mita yana iya kasancewa daidai, amma zanen da ya fito ba zai yi kama da wanda ya shiga ba. A na'urar auna bugun zuciya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin likita siffar zanen yake karantawa, kuma mataci mai jinkiri mabambanci yana iya karkatar da sashen nan da ake kira ST har ya yi kama da alamar ciwo.

Ana auna matsayin kaɗawa a cikin zagayenta da digiri, zagaye ɗaya yana da 360. A ce mataci yana jinkirta komai da kashi 4 cikin 1000 na daƙiƙa. Kaɗawa mai haz 50 tana cika zagaye a kashi 20 cikin 1000, don haka ta koma baya da kashi ɗaya bisa biyar na zagaye, wato digiri 72. Mai haz 100 ta koma baya da digiri 144, mai haz 200 kuma da 288. Idan aka zana waɗannan digiri a kan mita, miƙaƙƙen layi ne zai fito. Wannan miƙaƙƙen layi shi ne shaidar cewa jinkirin bai ɗaya ne.

Yadda daidaiton gefe biyu yake kawo shi

Hanyar samun wannan hali a matacin FIR ita ce a sa lambobin nauyi su yi tagwaye daga gefe biyu: ta farko da ta ƙarshe, ta biyu da ta kusa da ƙarshe, haka har tsakiya. Tagwayen suna iya zama iri biyu. Ko dai girmansu da alamarsu ɗaya, kamar `[2, 5, 5, 2]`, wanda ake rubutawa `h[n] = h[N-1-n]`. Wannan shi ne daidaiton madubi. Ko kuma girmansu ɗaya amma alamarsu ta saɓa, kamar `[1, 3, -3, -1]`, wanda ake rubutawa `h[n] = -h[N-1-n]`. Wannan shi ne daidaiton kishiya.

Dalilin da ya sa dabarar take aiki yana cikin halin kaɗawa mai santsi. Idan aka ɗauki darajarta a wurare biyu masu nisa ɗaya daga wani tsakiya, ɗaya gaba ɗaya baya, aka tara su, abin da zai fito kaɗawa ce mai tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta tsakiyar. Girmanta na iya ƙaruwa ko raguwa, alamarta ma na iya juyawa, amma gaggawar na gaba da makarar na baya sun cinye juna. Tun da kowane tagwaye haka yake yi, a kowace mita, matacin gaba ɗaya yana nuna hali kamar yana zaune a tsakiyar jerinsa. Shi ya sa jinkirin kullum `(N-1)/2` ne na samfuri. Idan kuwa ɗebe ɗaya aka yi daga ɗaya maimakon tarawa, kaɗawar da za ta fito tana nan daure da tsakiyar, sai dai ta goce da rubu'in zagaye, digiri 90, a kowace mita.

Abu na biyu da yake raba matatan shi ne yawan lambobin: mara ne ko cika. Idan `N` mara ne, kamar 3 ko 5 ko 65, akwai lamba guda a tsakiya da ba ta da abokiya, kuma jinkirin cikakken adadin samfuri ne. Idan `N` cika ne, kamar 4 ko 64, kowace lamba tana da abokiya, tsakiyar ta faɗa tsakanin samfuri biyu, jinkirin kuma yana ɗauke da rabi. Daidaito iri biyu, yawa iri biyu: nau'i huɗu ke nan, kuma littattafan fannin suna lamba su daga ɗaya zuwa huɗu.

Gwaji biyu da za a iya yi da alƙalami

Kafin a bi nau'o'in ɗaya bayan ɗaya, ana buƙatar sanin yadda mataci yake amsa iyakokin nan biyu. Idan aka ba shi 1, 1, 1, 1, kowace lamba ta nauyi an ninka ta da ɗaya, don haka amsarsa ita ce jimlar lambobinsa. Idan aka ba shi 1, -1, 1, -1, amsarsa ita ce jimla mai juyi: a tara ta farko, a ɗebe ta biyu, a tara ta uku, a ɗebe ta huɗu. Duk inda jimla ta zama sifili, matacin ya toshe wannan mita ɗungurungum. Irin wannan wuri shi ake kira sifilin mataci. Sifilin da mai ƙira ya zaɓa da kansa daban, wanda tsarin lambobin ya ɗora masa daban. Na biyun shi ne sifilin dole, kuma babu zaɓin lambobi da zai kawar da shi.

Nau'i na ɗaya: madubi, yawa mara

Misali shi ne `[1, 3, 1]`. Jimlarsa 5, jimlarsa mai juyi kuma 1 - 3 + 1, wato -1. Babu sifili ko ɗaya. Tagwayen suna da alama ɗaya, kuma nisan da yake tsakaninsu kullum cika ne, don haka ko a jimla mai juyi alama ɗaya suke samu, ba sa kashe juna. Ga kuma lambar tsakiya da take zaman kanta. Mai ƙira yana da 'yanci a iyakokin biyu. In ya so ya toshe sama, sai ya ɗauki `[1, 2, 1]`, mai jimla 4 da jimla mai juyi sifili. In ya so ya toshe ƙasa, sai ya ɗauki `[-1, 2, -1]`, mai jimla sifili da jimla mai juyi -4. Wannan nau'i shi kaɗai ne yake iya zama kowane irin mataci: mai barin ƙananan mitoci, mai barin manya, mai barin tsakiya, da mai toshe tsakiya ya bar gefe biyu.

Nau'i na biyu: madubi, yawa cika

A `[2, 5, 5, 2]` jimlar ita ce 14, amma jimla mai juyi 2 - 5 + 5 - 2 ce, wato sifili. Ba sa'a ba ce. Idan `N` cika ne, nisan da yake tsakanin tagwaye kullum mara ne: tsakanin ta farko da ta huɗu mataki uku, tsakanin ta biyu da ta uku mataki ɗaya. Saboda haka a jimla mai juyi ɗaya tana samun tarawa, abokiyarta tana samun ɗebewa, kuma tun da girmansu ɗaya, sai su shafe juna. Babu lambar tsakiya da za ta tsira. Ko an sauya 2 da 5 da kowaɗanne lambobi, ko an tsawaita jerin zuwa dubu, sakamakon sifili ne. Nau'i na biyu yana da sifilin dole a mitar Nyquist. Yana kyau wajen barin ƙananan mitoci, inda dama ana son a toshe sama, kuma yana iya barin tsakiya. Ba ya iya zama mai barin manyan mitoci har iyaka, ba ya kuma iya zama mai toshe tsakiya, domin dukansu suna buƙatar ƙofar sama a buɗe.

Nau'i na uku: kishiya, yawa mara

A nan lambar tsakiya ita ce abokiyar kanta, kuma ƙa'idar ta ce dole ta yi daidai da kishiyarta. Lamba ɗaya ce tak take cika wannan sharaɗi, wato sifili. Misali shi ne `[1, 3, 0, -3, -1]`. Jimlarsa sifili ce, domin kowace lamba tana da mai soke ta. Jimla mai juyi ita ce 1 - 3 + 0 + 3 - 1, ita ma sifili, domin nisan tagwaye cika ne, juyin bai raba su ba, sun ci gaba da soke juna. Nau'i na uku yana da sifilin dole biyu, ɗaya a mita sifili, ɗaya a mitar Nyquist. Tsakiya kaɗai yake iya bari, kuma abin da ya bari yana fitowa da gocewar digiri 90.

Nau'i na huɗu: kishiya, yawa cika

A `[1, 3, -3, -1]` jimlar sifili ce, kamar yadda take a kowane mataci mai daidaiton kishiya. Jimla mai juyi kuwa 1 - 3 - 3 + 1 ce, wato -4. Nisan tagwaye mara ne, juyin ya sauya alamar ɗaya daga cikinsu, sai suka koma ƙara wa juna ƙarfi. Sifilin dole ɗaya ne, a mita sifili, sama kuma a buɗe take. Yana iya barin manyan mitoci ko tsakiya, ba ya iya barin ƙanana, kuma shi ma yana ɗauke da gocewar digiri 90.

Ƙaramin mataci da yake ɓoye a ciki

Akwai hanya guda da take tattara duk wannan wuri ɗaya. Kowane mataci na nau'i na biyu, na uku da na huɗu daidai yake da matacin nau'i na ɗaya wanda aka jona masa wani ɗan ƙarami a bayansa. Idan aka wuce da sigina ta `[2, 3, 2]`, sannan ta `[1, 1]`, daidai yake da wucewa ta `[2, 5, 5, 2]`. Haka `[1, 3, 1]` da `[1, 0, -1]` suke haifar da `[1, 3, 0, -3, -1]`, kuma `[1, 4, 1]` da `[1, -1]` suke haifar da `[1, 3, -3, -1]`. Ɗan ƙaramin shi ne mai ɗauke da sifilin dole. Na farko yana tara maƙwabta biyu, don haka yana kashe 1, -1. Na ƙarshe yana ɗebe maƙwabci daga maƙwabci, don haka yana kashe 1, 1. Na tsakiya yana ɗebe samfurin da yake mataki biyu baya, wanda a jerin biyun duka daidai yake da na yanzu.

A rubutun lissafi, inda `ω` take tafiya daga 0 a ƙasa zuwa `π` a mitar Nyquist, ƙarfin amsar waɗannan ƙananan matatai yana bin `cos(ω/2)` ga nau'i na biyu, `sin(ω)` ga na uku, da `sin(ω/2)` ga na huɗu. Masu aiki da `H(z)` kuma sukan ce sifilin yana `z = -1` idan a mitar Nyquist yake, ko `z = 1` idan a mita sifili yake. Abin lura shi ne waɗannan ba sa faɗuwa sifili kwatsam. A hankali suke gangarowa, don haka illar sifilin dole tana fara bayyana tun kafin a kai iyakar.

Wannan rarrabawa ta yi amfani a tarihin fannin. A 1972 Thomas Parks da James McClellan, a Jami'ar Rice da ke Houston, suka fitar da hanyar ƙera matatan FIR wadda take rage kuskure mafi girma zuwa mafi ƙanƙantar da zai yiwu. A 1973 su biyun tare da Lawrence Rabiner suka wallafa manhajar da take ƙera nau'o'in huɗu duka, kuma dabararta ita ce a ware ɗan ƙaramin sashen da ba ya canzawa, a warware ragowar a matsayin matsala iri ɗaya. Har yau ana amfani da hanyar a ƙarƙashin sunayen `remez` da `firpm`.

Misali daga farko zuwa ƙarshe: cire gurnanin wuta daga murya

A ce an ɗauki murya da samfuri 8000 a daƙiƙa, gurnanin haz 50 na wutar lantarki kuma ya shiga cikinta. Ana son mataci da zai rage komai daga 0 zuwa haz 60 da kamar ninki ɗari, ya bar komai daga haz 300 zuwa 4000 ba tare da taɓa siffarsa ba. Tazarar haz 240 da take tsakanin toshewa da bari ita ce take ƙayyade tsawon matacin, kuma ƙiyasin da aka saba yi yana ba da lambobi wajen sittin. Masu rubuta manhaja sun saba da 64, domin tana dacewa da tsarin ƙwaƙwalwar na'ura, don haka hannu yakan tafi can.

Lambobi 64 masu daidaiton madubi nau'i na biyu ne, da `cos(ω/2)` a cikinsa. A haz 3000 wannan ya sauko zuwa 0.38. A haz 3400 ya zama 0.23, a 3900 kuma 0.04. Domin amsar ta tsaya a kan 1, dole ragowar matacin ta rama: ta ninka da fiye da biyu da rabi a 3000, da fiye da huɗu a 3400, da kamar 25 a 3900. A haz 4000 babu ninkin da zai ta da sifili. Wasu manhajoji suna hana wannan tun daga farko:

```python
from scipy.signal import firwin
h = firwin(64, 175, fs=8000, pass_zero=False)
```

Wannan umarni yana tsayawa da `ValueError`, yana bayyana cewa mataci mai lambobi cika dole amsarsa ta zama sifili a mitar Nyquist. Umarnin `fir1` na MATLAB kuwa yana gyara abin da kansa. Shi ba yawan lambobi yake karɓa ba, darajar mataci yake karɓa, wato `N-1`. Idan aka ba shi 63 tare da `'high'`, sai ya ƙara ɗaya ya mayar da lambobi 65. Wanda ya tanadi gurbi 64 a na'urarsa, ya yanke lamba ta ƙarshe domin ta shiga, ya ɓata daidaiton ke nan, jinkiri bai ɗaya kuma ya tafi da shi. Bambancin nan tsakanin yawa da daraja shi ne tushen ruɗani da yawa: daraja cika tana nufin yawa mara, daraja mara tana nufin yawa cika.

Gyaran shi ne a ƙara lamba ɗaya a koma nau'i na ɗaya, sannan a yi gwajin nan biyu:

```python
import numpy as np
from scipy.signal import remez
h = remez(65, [0, 60, 300, 4000], [0, 1], fs=8000)
print(h.sum())
print((h * (-1) ** np.arange(65)).sum())
```

Layi na farko zai fitar da lamba kusa da sifili, na biyu kuma kusa da 1. Jinkirin samfuri 32 ne daidai, wato kashi 4 cikin 1000 na daƙiƙa. Idan ana son a kwatanta muryar da aka tace da ta asali, sai a ja ta asalin baya da samfuri 32, su hau kan juna tsaf. Da 64 jinkirin 31.5 ne, kuma babu yadda za a ja jerin samfuri da rabi ba tare da wani matacin ba.

Akwai wasu mafita biyu, kowace da sharaɗinta. Layin tarho na gargajiya dama daga haz 300 zuwa 3400 yake ɗaukar murya. Idan wannan zango ya wadatar, to aikin ya koma barin tsakiya, kuma nau'i na biyu mai lambobi 64 zai yi shi lafiya, sifilinsa na sama ma ya zama taimako. Ko kuma a riƙe 64 a koma daidaiton kishiya, nau'i na huɗu, wanda samansa a buɗe yake, ƙasansa kuma a toshe dama. Farashin shi ne gocewar digiri 90. Kunne bai cika lura da ita a murya ba, amma tana sauya siffar zane sarai: ƙololuwa mai daidaiton gefe biyu takan koma hawa da gangara. Ga zanen bugun zuciya da likita zai karanta, wannan bai dace ba.

Inda sifilin dole yake zama riba

Nau'i na uku da na huɗu ba don tace murya aka fi neman su ba. Aikinsu na farko shi ne auna saurin canji. Idan matsayin wani abu yana tafiya 0, 3, 6, 9, matacin `[1, -1]` yana fitar da 3 a kowane mataki, wato saurinsa. Matacin `[1, 0, -1]` yana fitar da 6 a kan mataki biyu, a raba biyu a sami 3. Abin da ba ya motsi saurinsa sifili ne, don haka sifilin dole na ƙasa shi ne ainihin abin da ake so. Bambancinsu yana sama. Nau'i na huɗu yana ci gaba da ƙarfi har mitar Nyquist, don haka ya fi dacewa idan ana son awon ya kai ƙarshen zango, sai dai yana ƙarfafa hayaniyar da take can, kuma jinkirinsa yana da rabi. Nau'i na uku yana sauka zuwa sifili a sama, yana danne wannan hayaniya, jinkirinsa kuma cikakke ne. Hanyar da Jiapu Pan da Willis Tompkins suka wallafa a 1985 domin gano bugun zuciya tana da matakin auna saurin canji mai lambobi biyar, da sifili a tsakiya da daidaiton kishiya, wato nau'i na uku. A can gano lokacin bugun ake nema, ba adana siffarsa ba. A sarrafa hoto ma, matacin Sobel mai gano gefen abubuwa yana haɗa `[1, 0, -1]` ta wata fuska da `[1, 2, 1]` ta ɗaya fuskar.

Aikinsu na biyu shi ne samar da gocewar digiri 90 ɗin kanta, da abin da ake kira matacin Hilbert, wanda ake amfani da shi wajen watsa rediyo ta gefe ɗaya na zango da kuma wajen gano yadda ƙarfin sigina yake hawa da sauka. Ana son amsarsa ta zama 1 a ko'ina, amma sifilin dole ba ya bari. Don haka mai ƙira yana barin tazara kusa da mita sifili, in nau'i na uku ne kuma har da kusa da mitar Nyquist, kuma duk yadda ya matse tazarar, haka matacin yake ƙara tsawo.

Abin da yake faruwa a cikin na'ura

Daidaiton gefe biyu yana rage aiki. Tun da tagwaye girmansu ɗaya, ana fara tara samfurinsu biyu, ko ɗebe su, sannan a ninka sau ɗaya. Mataci mai lambobi 65 yana buƙatar ninki 33 kawai, mai 64 kuma 32.

Ƙananan na'urori sukan tilasta a taƙaita lambobin nauyi zuwa 'yan gurabe. Muddin an taƙaita tagwaye iri ɗaya, jinkiri bai ɗaya yana nan, sifilin dole ma yana nan daram, domin daga tsarin yake fitowa, ba daga darajar lambobin ba. Sifilin zaɓi ba haka yake ba. Matacin nau'i na ɗaya da aka ƙera domin jimlarsa ta zama sifili yana iya rasa wannan bayan taƙaitawa, sai wani ɗan tsayayyen ƙarfi ya riƙa ɗigowa a abin da yake fitarwa. Ana gane hakan ta sake tara lambobin bayan an taƙaita su, ana kuma gyara shi ta ɗan sauya lambar tsakiya, wadda ita kaɗai ce za a iya taɓawa ba tare da an ɓata daidaiton ba.

Saboda haka zaɓin nau'i yana zuwa kafin zaɓin lambobi, kuma tambayoyi uku ne suke yanke shi. Idan ana son mita sifili ta wuce, dole daidaiton ya zama na madubi. Idan ana son mitar Nyquist ta wuce, sai nau'i na ɗaya ko na huɗu. Idan ana son gocewar digiri 90, sai na uku ko na huɗu, idan kuma ana son siffar sigina ta fito yadda ta shiga, sai na ɗaya ko na biyu. Mataci mai toshe tsakiya yana buƙatar iyakokin biyu a buɗe, don haka nau'i na ɗaya ne kaɗai yake iya ɗaukarsa.